Amsar ƙorafi da ɗigo-ɗigo: abin da muke gani a wurin aiki

Aikin ƙaramin kamfaninmu shi ne rubuta wa wasu kamfanoni amsoshin wasiƙun da abokan cinikinsu ke aikowa, ta imel ko ta saƙon waya, kuma galibinsu wasiƙun ƙorafi ne. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, masu yi mana kishiya suka yi yawa, mutanen da ba su taɓa zama sun koyi wasiƙa ba, suna kwafo abin da na'ura ta ba su su miƙa wa mai aiki a kan kuɗi kaɗan. Gane aikinsu ba ya buƙatar wani bincike, domin tun kafin a karanta kalma ɗaya siffar rubutun ta tona asiri: kan magana da haruffa masu kauri, ɗigo uku a ƙarƙashinsa, wani kan maganar, wasu ɗigo ukun, sannan taƙaitawa a ƙasa.

Siffar tana da asali. Manhajojin hira irin su ChatGPT suna fitar da amsarsu ne da tsarin alamomi da ake kira Markdown, wanda John Gruber ya fito da shi a 2004, inda alamar tauraro biyu a gaba da bayan kalma ke mayar da ita mai kauri, ƙaramin layi a farkon jumla kuma ya zama ɗigo. An kuma horar da manhajojin da hukuncin mutanen da ke gwada amsoshi biyu su zaɓi wadda ta fi, kuma rubutun da aka yanyanka aka jera yakan burge ido a kallon farko. Abin takaici ma, wasu daga cikin masu kwafen ba sa ko goge alamomin, sai ka ga saƙon waya ya isa hannun mutum da taurari warwatse a cikinsa, saboda wurin da aka liƙa shi bai san yadda zai fassara su ba.

Amma ko an goge taurarin, babbar matsalar tana nan, kuma wani aiki da ya zo mana zai nuna ta. Wata mata ta sayi keken ɗinki ta intanet, aka yi mata alkawarin kwana 7, sai ga shi an kwana 12 babu labari, alhali tana da ɗinkin mutane da za ta miƙa ƙarshen wata. Tambayarta ɗaya ce: ta ci gaba da jira, ko ta karɓi kuɗinta ta nemi wani wuri? Mai kamfanin da ya sayar mata da keken ya nuna mini amsar da wani mai arha ya shirya masa kafin ya zo wurinmu:

```
**Dalilin jinkiri**
- Kaya sun lalace a hanya
**Zaɓin da kike da shi**
- Jiran sabon keke
- Mayar da kuɗi
**A taƙaice:** muna ba ki haƙuri.
```

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, sai dai matar ba ta sami amsar abin da ta tambaya ba. Da muka tuntuɓi ma'ajiyar kayan, muka ji cewa murfin keken ne ya tsage, sabon zai tashi ranar Alhamis ya isa ranar Litinin, mayar da kuɗi kuwa yana ɗaukar kwana 10 na aiki. Ga abin da muka rubuta: “Hajiya, shawararmu ita ce ki jira, domin sabon keken zai iso gare ki ranar Litinin, alhali idan kika zaɓi kuɗinki ba za su shigo ba sai bayan kwana 10 na aiki, kuma hakan zai ƙara matse ki a kan ɗinkin da kika ce ana jira. Na farkon ya tsage ne a hanya, shi ya sa ba mu kawo miki shi ba, kuma ya kamata a ce mun sanar da ke tun ranar da muka gani. Idan Litinin ta wuce bai iso ba, ki amsa wannan saƙon, za mu fara mayar da kuɗin a ranar.”

Mai lura zai ga cewa nauyin wannan amsa yana kan ƙananan kalmomi ne, irin su “domin” da “alhali” da “shi ya sa” da “idan”. Su ne ke ɗaure wannan magana da waccan, su nuna wace ce sanadi, wace ce sharaɗi, wace ce ta rinjayi 'yar'uwarta. Jerin ɗigo kuwa dole ya zubar da su, sai ya ajiye jira da karɓar kuɗi kafaɗa da kafaɗa kamar darajarsu ɗaya, ya bar wa matar da ta riga ta fusata aikin lissafin da ya kamata marubucin ya yi mata. A ganina wannan ne ke sa mai karatu ya ji cewa babu mutum a bayan saƙon, domin babu alamar wani ya zauna ya auna halin da take ciki ya tsaya a kan ra'ayi. Irin wannan dalili ne ya sa Jeff Bezos a 2004 ya hana manyan ma'aikatan Amazon gabatar da shawarwari da jerin ɗigo a manhajar PowerPoint, ya ce a riƙa rubuta su da cikakkun jumloli.

Kan magana da taƙaitawa su ma haka suke. Ana sa kai ne domin mai neman wani sashe a doguwar takarda ya tsallaka zuwa gare shi, to me za a tsallake a saƙon da bai kai layi goma ba? Taƙaitawa kuma tana maimaita wa mutum abin da ya karanta yanzun nan, kamar ana shakkar fahimtarsa. Tsohon akawun da na koyi aiki a hannunsa ba ya barin wasiƙa ta fita sai an karanta masa ita da babbar murya, yana sauraro ido a rufe, kuma duk inda ya ji abin da mutum ba zai iya faɗa wa wani baki da baki ba, sai ya ɗaga hannu a tsaya. Har yau da wannan ma'auni muke aiki, kuma ba a taɓa samun kan magana mai kauri da ya tsallake shi a wasiƙar ban haƙuri ba.

Muna amfani da jeri a inda ya dace. Idan mutum zai sauya kalmar sirrinsa mataki-mataki, yana duba saƙon yana danna waya, mukan sa lamba 1 zuwa 5 domin kada ya ɓace, haka nan idan takardu ne zai haɗa ya kawo, domin abubuwa ne da ba su dogara da juna ba kuma zai so ya riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya. Ko a nan ma, jumla biyu ko uku na bayani ne ke fara zuwa kafin jerin.

Masu kawo mana aiki kan yi ta ciniki, suna cewa ai na'ura za ta yi wannan kyauta cikin daƙiƙa kaɗan, don me za su biya mu a kan sakin layi ɗaya. Nakan amsa musu cewa rubuta sakin layin bai fi minti biyar ba, abin da ke cin lokaci shi ne kiran ma'ajiya, da tabbatar da ranar Litinin ɗin, da sake karanta wasiƙar matar har a gano cewa ƙarshen wata ne damuwarta. Wanda bai yi waɗannan ba ba shi da abin da zai rubuta bayan “domin”, shi ya sa ɗigo ke yi masa daɗi. Mai kamfanin keken ɗinkin ma sai da ya nemi ragi, amma daga wannan makon ya mayar da duk wasiƙun ƙorafinsa hannunmu.