Takardar kammala gwajin wata uku: a rubuta ranar ƙarshe ƙarara

A ƙaramin injin casar shinkafar da nake da shi a Argungu, duk wanda zai riƙe sikeli da littafin kaya sai ya yi gwajin wata uku. A wannan lokaci nake duba ko buhunan shanshera da aka auna da safe sun yi daidai da abin da ya rubuta, da kuma yadda yake magana da manoman da ke kawo kaya daga fadama. Amma gwajin ba ya ƙarewa da baki. Takarda nake ba shi, kuma abin da na fi kula da shi a cikinta shi ne ranar ƙarshe.

Dalili kuwa, in ka ce wa mutum "wata uku" ka yi shiru, to kowa da lissafinsa. Ga magatakardan da na ɗauka ranar Litinin, 3 ga Maris, 2025, wadda ta zo daidai da 3 ga Ramadan. Shi da watan sama yake ƙirga, kamar yawancinmu, don haka a wurinsa gwaji ya cika 2 ga Zulhijja, wato 29 ga Mayu. Akanta na kuma kwana 90 ya lissafa: 29 a Maris, 30 a Afrilu, 31 a Mayu, ya tsaya a kan Asabar, 31 ga Mayu. Takardar ɗaukarsa aiki kuwa wata uku na kalandar Boko ta ce, kuma tunda 3 ga Maris ita ce rana ta farko, ranar ƙarshe ita ce Litinin, 2 ga Yuni. Ranar 3 ga Yuni an riga an shiga wata na huɗu.

Ana saura kwanaki babbar Sallah yaron ya same ni wajen injin, ya rusuna ya ce, "Alhaji, ni dai a lissafina na gama." Na ce, "Malam, ɗauko takardarka mu duba tare." Da ya ga ranar a rubuce tun daga farko, magana ta ƙare.

Wannan tazarar ta kwana huɗu tana taɓa aljihu. Albashinsa na gwaji naira 75,000 ne, bayan tabbatarwa ya koma 90,000. Yuni kwana 30 ne, don haka kwana 2 a kan 2,500 sun ba da 5,000, kwana 28 a kan 3,000 sun ba da 84,000. Jimilla 89,000 ya karɓa a ƙarshen watan, kuma ya san daga inda kowace naira ta fito.

Tana taɓa doka ma. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yanke tsawon gwaji ba, ta bar wa yarjejeniyar da aka yi. Sai dai sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. Sashe na 11 kuma ya ce wanda bai haura wata uku ba, sanarwar kwana ɗaya ta isa a rabu da shi, amma da zarar ya haura, har zuwa ƙasa da shekara biyu, sai an ba shi mako guda, kuma a rubuce. Ka ga ke nan tsakanin 2 da 3 ga Yuni haƙƙinsa ya canja. Sannan kotuna sun sha yanke cewa wanda aka bari yana aiki ana biyansa bayan wa'adin gwaji, ba a ce masa komai ba, ana iya ɗauka an tabbatar da shi. Masu jan yara wata shida, wata takwas da sunan "kana kan gwaji" suna cin haƙƙinsu ne, kuma ban ga hujjarsu ba ko a gaban alƙali ko a gaban Allah.

Takardar kanta ba ta da tsawo. Bayan sunansa da muƙaminsa, ga abin da na rubuta: "Ka fara aiki ranar Litinin, 3 ga Maris, 2025. Ranar ƙarshe ta gwajinka ita ce Litinin, 2 ga Yuni, 2025. An tabbatar da kai a matsayin cikakken ma'aikaci daga Talata, 3 ga Yuni, 2025, a kan albashin naira 90,000 a wata." Nakan haɗa sunan rana da kwanan wata, kuma in rubuta sunan watan da haruffa, don 2/6 wani zai iya karanta shi 6 ga Fabrairu. Kwafi biyu ake yi, mu sa hannu dukanmu, ya riƙe ɗaya in ajiye ɗaya a fayil.

Ba na jira sai ranar ta zo. Mako guda kafin nan nake zama da littafin kaya in yanke shawara. In kuma na ga yana buƙatar ƙarin lokaci, sai in rubuta masa tun wa'adin bai cika ba, in faɗi abin da ya rage ya gyara, in sa sabuwar ranar ƙarshe, shi ma ya sa hannu cewa ya amince.