Yadda na gwada renjin DC na wata mita da kalibireta

Wani mai gyaran inbata ne ya kawo mana mitarsa wurin aiki, wai karatunta ya fara ba shi shakku. Na kunna kalibireta, wato na'urar da ke fitar da wuta daidai adadin da aka sa mata don a gwada mita, Fluke 5522A muke amfani da ita, na bar ta ta yi minti 30 ta ɗumama, ita ma mitar na ajiye ta a ɗakin ta saba da sanyin wurin, don alƙawarin da ke takardar irin waɗannan mitoci daga digiri 18 zuwa 28 yake aiki, in ka ɗauko ta daga cikin rana ka jona nan take to zafi kake aunawa.

Ni dai kafin in danna komai sai na rubuta iyakoki a takarda. Littafin mitar ya ce ±(0.5% + 2), wato rabin kashi ɗaya cikin ɗari na karatun, a ƙara 2 a lambar ƙarshe ta allo. Wannan 2 ɗin ce ke rikita mutane, don darajarta na canzawa da renji. A renjin 6 V lambar ƙarshe 0.001 V ce, in na ba ta 5.000 V lissafin shi ne 0.025 da 0.002, jimla 0.027, kenan daga 4.973 zuwa 5.027 ta ci. Na kulle renjin da hannu, na danna OPR, maɓallin da ke sa kalibireta ta saki wuta, mitar ta nuna 5.012. Lafiya lau. Na juya zuwa -5.000 V ma tana ciki, a 50.00 V kuma ta ba da 50.11, iyaka 49.73 zuwa 50.27.

A renjin 600 V ne magana ta fito. Nan lambar ƙarshe 0.1 V ce, a 500.0 V an yarda mata 2.5 da 0.2, wato 497.3 zuwa 502.7, sai ga 503.4. Na mayar da kalibireta STBY tukunna don ta yanke wutar, wuta irin wannan ba a taɓa waya tana OPR wallahi, na duba wayoyin da batir, na sake, 503.4 dai bata motsa ba. Ta faɗi. Tunda sauran renjin suna ciki na fi zargin rasistan da ke rage wutar wannan renjin, da matsalar daga tushen ma'auninta ce da duk sun karkace tare.

Mai ita ya ce haba oga, 0.7 ne fa kawai ya wuce. Na ce masa Malam, iyakar ba ni na sa ta ba, kuma kuskuren kalibireta bai kai ko kusa da kashi ɗaya cikin huɗu na 2.7 ba balle in ɗora mata laifi. Da a ce 502.7 cif ta nuna da na tsaya na lissafa rashin tabbas na kalibiretar kafin in yanke.

Na rubuta karatun yadda na same shi kafin a taɓa saitinta, don ya san ayyukan da ya auna da ita a baya ta riƙa ƙara masa. Bayan an saita sai na sake bin duk renjin daga farko.