Takardar sallamar da na yi gaggawar rubutawa

Ina cikin shekarata ta biyu a matsayin jami'in kula da ma'aikata lokacin da mai tsaron sitonmu ya yi kwana biyar bai zo aiki ba, kuma babu wanda ya ji ɗuriyarsa. Ƙa'idar kamfaninmu ta ce duk wanda ya yi fashin kwana uku a jere ba izini, za a ɗauka ya gudu ya bar aiki. Na kira wayarsa sau biyu, a kashe. A rana ta shida na rubuta takardar sallama, na tsayar da albashinsa.

Bayan mako biyu sai ga shi yana dogara sanda, ƙafa a ɗaure, da takardar asibiti a hannu. Hatsari ya yi a hanyar komawa gida, wayar ta farfashe. Ya tsaya bakin teburina ya ce, "Yallaɓai, ai sunan ƙanena da lambarsa suna cikin fayil ɗina." Na buɗe, ga su nan a shafin farko. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Lauyanmu ce ta warware mini abin da na haɗa wuri guda. Fashi ba izini laifi ne, amma hukunta shi sai an ba mutum takardar tuhuma, an saurari uzurinsa. Gudun aiki kuwa sai an ga alamar cewa mutumin ba shi da niyyar dawowa: ya mayar da makullai, ko ya kwashe kayansa, ko ya kama aiki a wani wuri, ko ya faɗa da bakinsa. Yawan kwanaki dalili ne na fara bincike kawai. Ta nuna mini yarjejeniya mai lamba 158 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ta 1982, wadda ta ce kada a kori ma'aikaci kan wani laifi kafin a ba shi damar kare kansa, kuma fashi na ɗan lokaci saboda ciwo ko rauni ba dalilin kora ba ne. Ba kowace ƙasa ce ta amince da ita ba, don haka dole a duba dokar inda ake.

Mun janye takardar, mun biya shi albashin da aka riƙe.

Yanzu in wani ya ɓace, ina rubuta kwanan wata da lokacin kowane kira, in nemi ɗan'uwan da ya rubuta a fayil, sannan in aika wasiƙa adireshinsa ta hanyar da za a sa hannu an karɓa. A ciki nakan ba shi kwana bakwai ya dawo ko ya yi bayani, in kuma faɗi ƙarara cewa shirunsa zai iya kai ga sallama. Sau ɗaya kacal wa'adin ya cika ban ji komai ba, shi ma daga baya muka tabbatar ya riga ya fara aiki a wani kamfani.