Ranar da na haska bidiyon biki daga waya zuwa talabijin ba tare da data ba

Bayan bikin ƙanwata da mako biyu na je ƙauye gaishe da kakarmu, wadda ciwon ƙafa ya hana ta zuwa. Bidiyon bikin yana cikin wayata, mai hoto ya tura mini tun a gari. Sai dai idonta ba ya iya kallon ƙaramin allo, ga kuma matan gida sun fi goma kowa na son gani. Sabis a ƙauyen sai an hau tudu. Talabijin ɗin kawu kuwa na bango ne amma ba mai intanet ba, ramin HDMI da na USB kawai gare shi.

Na taho da wata 'yar na'ura da na saya a kasuwar waya, mai kama da filasha, wadda ake soka wa a HDMI. Tsarin da take aiki da shi sunansa Miracast, ya fito tun 2012. Wayar ce da na'urar suke haɗa Wi-Fi nasu su biyu, kai tsaye, babu rawuta a tsakani, babu data. Abin da ke allon wayar shi ake aikawa, har da sauti. Mutane da yawa suna ɗauka Wi-Fi da intanet abu ɗaya ne, ni ma a nan na fara tuntuɓe.

Na soka na'urar, na ba ta wuta daga USB na talabijin, na juya rimot zuwa HDMI. Sunanta ya bayyana a allo. Sai na kunna Hotspot a wayata, a zatona ta nan za su haɗu. Na yi kusan minti goma wayar tana nema ba ta ga komai ba. Kawu ya ce, "Kai Malam, ko dai a haƙura ne, kar man janareto ya ƙare?" Na ce, "Kawu, a ƙara mini minti biyar." Ashe a wayoyi da yawa Hotspot da wannan haɗin ba sa tafiya tare. Na kashe shi, na kunna Wi-Fi kawai ba tare da na shiga kowace hanya ba.

Daga nan na shiga Settings, na nemi Cast. A wayata akwai ɗigo uku a sama, ciki akwai Enable wireless display, sai an sa masa alama kafin wayar ta fara neman irin wannan na'ura. Sunan yana bambanta: a Samsung Smart View ne, wasu kuma Wireless display ko Screen cast. Har yanzu shiru. Da na duba allon talabijin da kyau sai na ga na'urar tana kan yanayin AirPlay, na masu iPhone. Akwai ɗan maɓalli a jikinta, na danna sau ɗaya ta koma Miracast. Nan take sunanta ya fito a waya, na taɓa, cikin 'yan daƙiƙu sai ga allon wayata a bango. Na kwantar da wayar a gicciye hoton ya cika talabijin.

Murna ba ta daɗe ba. Ana cikin kamu sai hoton ya tsaya, allo ya yi baƙi, tambarin na'urar ya sake fitowa kamar yanzu aka kunna ta. Sau uku haka. Wannan tambarin shi ya fahimtar da ni matsalar: da nisa ne ko cunkoson sigina, hoton zai riƙa sarƙewa ko ya farfashe, amma na'urar ba za ta mutu ta tashi ba. Wuta ce ba ta ishe ta ba. USB na talabijin da yawa rabin amfiya yake bayarwa, ita kuma tana son kamar amfiya ɗaya. Na zare wayar wutarta daga talabijin, na soka a kan cajar waya a soket. Ba ta ƙara yankewa ba har muka gama, fiye da awa ɗaya.

Abin da ban shirya masa ba shi ne duk abin da ya faɗo wayar sai ya fito a bango. Sabis ya ɗan leƙo, saƙon wani abokina da ke bina bashi ya sauko saman allo, wata ƙanwar babana mai karatun boko ta karanta shi da ƙarfi. Yanzu kafin na haɗa, sai na sa Do Not Disturb.

Wayar ta yi zafi sosai kuma caji ya sauka da sauri, don allonta a kunne yake duk tsawon lokacin, dole na jona ta ita ma. Akwai kuma ɗan jinkiri tsakanin waya da talabijin, wanda bai dame mu a bidiyo ba, amma yaran da suka gwada wasan mota daga baya sun kasa tuƙi. Ɗan kawu ya so ya haska wani fim da ya sauke a manhajar da ake biyan kuɗi, sauti ya fito, hoto baƙi ƙirin, saboda manhajar ta kulle kwafa.

Kaka dai ta sa an mayar mata da wurin buɗar kai sau uku, tana nuna 'yan uwa da sanda tana kiran sunayensu.