Hoton saman shafi: huluna da nauyin fayil

Talata, Gombe

Tun bayan sallar azahar nake zaune da nau'i huɗu na hoto guda, wato babban hoton da zai hau saman shafin ƙungiyar masu ɗinkin hula da nake yi wa aiki. Na farko shi ne na asali, PNG mai faɗin fiksel 1920, nauyinsa megabayit 2.4. Ya yi kyau ƙwarai a kwamfutata, amma masu sayen hulunan nan da waya suke shiga, kuma da yawansu a ƙauyukan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Idan layi yana kawo kilobayit 50 a daƙiƙa, hoton zai ci daƙiƙa 48 kafin ya gama buɗewa, kuma babu mai jiran haka alhali datarsa tana ƙonewa. Na ajiye shi gefe.

Sauran ukun duk na rage faɗinsu zuwa fiksel 1200, domin allon waya bai buƙaci fiye da haka ba. JPEG mai inganci 80 ya tsaya a kilobayit 190. WebP mai inganci 70 ya sauko zuwa 115, sannan na matse wani har inganci 40, ya koma 60 kacal.

Raina ya so na ƙarshen, tunda daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ta ishe shi. Sai dai da na buɗe shi a tsohuwar wayar ƙanina, na ja hoton da yatsu biyu, na ga jan zaren da ke gefen wata hula ya narke cikin shuɗin da ke kusa da shi, ƙananan ɗinkin kuma sun haɗe kamar an shafa musu mai. Matsewa irin wannan tana fara zubar da bayanan launi da ƙananan zane, ga shi kuwa su ne ainihin abin da ake sayarwa.

Na kai wa Malam, shugaban ƙungiyar, bayan la'asar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yarona, wannan ai kamar ɗinkin inji ne, wa zai biya kuɗin aikin hannu a kansa?" Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ga wani." Da ya ga mai kilobayit 115, ya iya bin zaren da ido ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai.

Abu guda ya rage: sunan ƙungiyar da aka rubuta cikin hoton yana da ƙura-ƙura a gefen haruffansa. Na cire shi, na mayar da shi rubutu na gaske a saman hoton, na sake matsewa:

```
cwebp -q 70 -resize 1200 0 hula.png -o hula.webp
```

Ya fito a kilobayit 104. Gobe zan je Kumo, kuma a hanya zan gwada buɗe shafin inda sabis ya fi rauni.