Abin da ya same ni a wata na huɗu na SIWES

Jiya na karɓi takardar kammalawa, amma wallahi har yanzu in na tuna ranar Larabar nan sai gabana ya faɗi.

Wani kamfani ne ya ba ofishinmu aikin gwada tsaron sabobinsu, wato kwamfutocin da ke riƙe da bayanansu a intanet, aka sa hannu a takarda, a ciki an rubuta adireshin da aka yarje mana, da lokaci ƙarfe 10 na dare zuwa 4 na asuba, da lambar wanda za a kira in wani abu ya tsaya. Ni ban ga takardar ba sam. Oga ne ya faɗa min da baki yana tattara jakarsa, ya ce adireshin ya fara daga kaza, ka duba duk abin da ke wajen. Na sauya lambobin a nan, amma kusan haka na buga a Nmap, manhajar da ke sikanin adireshi ta nuna abin da ke buɗe:

```
nmap -sV 203.0.113.16/24
```

Ashe a takarda `/28` ne. To `/28` adireshi 16 ne kawai, daga .16 zuwa .31, shi kuwa `/24` adireshi 256 ne, daga .0 har .255. Ragowar 240 ɗin nan na wasu mutane ne daban da suke hayar saba a wuri ɗaya da kwastomanmu, ba su san da mu ba, ba su ba kowa izini ba.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na ga wata saba a .77 da foldarta a buɗe, da wani fayil `backup.sql` a ciki, na sauke shi na buɗe. Sunayen ɗaliban wata makaranta ne da lambobin iyayensu. Tun a layin farko na gane ba na kwastomanmu ba ne, sunan makarantar na nan ƙuru-ƙuru, amma na ci gaba da karantawa ina ganin na yi babban kamu. Wannan laifina ne ni kaɗai.

Bayan kwana biyu masu hayar saba suka turo ƙorafi da adireshin ofishinmu da daidai lokacin da abin ya faru. A gaban kowa Oga ya ce shi bai taɓa cewa na wuce iyaka ba, ai takarda na nan. Takardar da ke kulle a durowarsa! Ba ni da shaida ko ɗaya tunda da baki muka yi. Aka cire ni daga aikin, sauran wata biyun a gyaran rahoton wasu na ƙare su.

Wata babbar ma'aikaciya ce ta zaunar da ni, ta ce ƙanena ka san dokar laifukan intanet ta 2015 kuwa? Sashe na 6 yana magana kan shiga kwamfutar wani ba izini, hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara 5. Ta kuma ba ni labarin ma'aikata biyu na kamfanin gwada tsaro Coalfire da aka kama a Iowa ta Amurka a 2019, suna gwada tsaron ginin wata kotu cikin dare da takardar izini a aljihunsu. Hukumar kotunan jiha ce ta ɗauke su aiki, amma ginin na ƙaramar hukuma ne, sai da suka kwana a tsare, ba a janye tuhumar ba sai 2020. Masu takarda ke nan, to ina ga ni. Ko da Oga ya rubuta min `/24` da hannunsa, sabar makarantar nan ba tasa ba ce balle ya ba da izininta.

Ita ta nuna min yadda ake kai rahoto. Muka fara duba `/.well-known/security.txt` ko sun ajiye adireshin da ake tura irin wannan, babu, sai muka bi ta hannun masu hayar sabar. Wasiƙar gajeriya ce: ga inda fayil ɗin yake, ga ranar da muka gani, an sauke shi sau ɗaya bisa kuskure kuma an goge, ga yadda za su rufe foldar. Ba hoton sunan yaro ko ɗaya, ba maganar a biya mu, don da zarar ka haɗa rahoto da neman kuɗi ya koma kamar barazana. Ni da na so na sa a Fesbuk wai don jama'a su sani, ta ce a'a, ana ba masu abu lokaci su gyara, Project Zero, masu binciken tsaro na Google, ma kwana 90 suke bayarwa. Cikin sati ɗaya aka rufe foldar. Ni na rubuta wasiƙar, da sunan Oga ta tafi.

Yanzu in zan yi atisaye sai a Metasploitable 2 ko DVWA, waɗanda aka ƙera da rauni da gangan don koyo, cikin VirtualBox mai kunna wata kwamfuta a cikin tawa, katin sadarwa a kan `Host-only` don kada komai ya fita waje, in kuma ina son gwada sikanin na gaske akwai `scanme.nmap.org` da masu Nmap suka bari don haka, shi ma ba a cika masa ciki. Kafin aiki kuma sai na buga `nmap -sL -n` da adireshin, ya jero min su ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba, na ƙirga na haɗa da takarda.

Yaron da ya zo bayana na ce masa kar ka danna komai sai ka riƙe takardar nan da hannunka, in Oga ya ce yana sauri to ya turo maka a rubuce ko ta WhatsApp ne. Ya ce yana jin nauyin tambaya, sai na raka shi ofishin na tsaya a bakin ƙofa har aka buɗe durowar.