Ranar da aka canja lambar asusu a inbois ɗin masu leda

Ƙaramin gidan ruwan leda ne da ni a Tudun Wada, kuma ledar da muke ƙulla ruwa a ciki daga wani kamfani na Kano muke sayenta tun da muka buɗe. Tsarin bai taɓa sauyawa ba: mu faɗi kilo nawa muke so, akawunsu ya turo inbois ta WhatsApp, mu biya, mota ta taso. Wata Alhamis da yamma inbois ya shigo na naira miliyan 3 da dubu 840, bayan ɗan lokaci kuma wani ya biyo shi, da saƙo cewa a yi watsi da na farko, wai tsohon asusunsu ya samu matsala da banki, a biya a sabon da ke ƙasan takardar kafin azahar ɗin Juma'a in ana son kaya su shiga motar Asabar.

Abin da har yau yake ba ni tsoro shi ne babu aibi ko ɗaya a jikin takardar. Tambarin kamfanin ne, sa hannun akawun ne, adadin kilo daidai, har ragin da na roƙa a makon ya fito. Kuma daga lambar akawun ta zo, a cikin hirar da muka saba yi, ƙarƙashin gaisuwar da ya yi mini da safe. Duk abin da ake cewa a duba, na kuskuren rubutu ko baƙuwar lamba, babu shi a nan.

Ƙanena da ke riƙe mana lissafi ya yi abin da yake gani tsantseni ne. Ya tura naira dubu ɗaya sabon asusun don gwaji, ya tambaya a WhatsApp ko sun gani, nan take aka amsa da “Mun gani, Allah ya saka da alheri, a turo sauran.” Ya zo mini da murna: “Yaya, na gwada, ya shiga, sun tabbatar.” Na tambaye shi su wa suka tabbatar. Ya yi shiru. Dubu ɗayan nan ba ta nuna komai ba sai cewa asusun yana karɓar kuɗi kuma mai amsa saƙon yana ganin alat ɗinsa, wanda ɓarawo ma zai gani tunda asusunsa ne. Gwajin ƙaramin kuɗi yana da amfani ne kawai idan wanda ka san muryarsa ya ce maka ya ga kuɗin a asusunsu.

Na karɓi wayar na sa lambar asusun, lamba goma ɗin nan, a manhajar banki don in ga sunan da zai fito kafin a tura. Sunan kamfanin ya fito, amma wutsiyarsa ta canja. Namu na kullum yana ƙarewa da Nigeria Limited, wannan kuwa Global Enterprises. Ƙanena ya ga kalmar farko ya gamsu. A wajen CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista, waɗannan rajista biyu ne daban, kuma mutum biyu da ba su san juna ba suna iya mallakarsu. Don haka a karanta sunan har ƙarshensa, a ajiye shi kusa da rasitin biyan da ya gabata a gwada harafi da harafi. In sunan mutum ne ya fito a madadin na kamfani, wannan ma ba sai an tsaya dogon nazari ba. Sai dai ko sunan ya yi kama sosai, bai isa hujjar biya ba. Dalilin dakatawa yake bayarwa in ya saɓa.

A ƙasan sabon inbois ɗin akwai lambar waya, wai ta sashen kuɗi, don neman ƙarin bayani. Ban taɓa ta ba, domin wanda ya iya canja lambar asusu a takarda zai iya canja lambar waya a kanta. Ban kuma kira akawun ta WhatsApp ba. Na nemo lambar Alhaji mai kamfanin, wadda ke cikin wayata tun farkon hulɗarmu, na kira shi kira na layi. Bai ɗauka ba sai bayan isha'i.

Bayan gaisuwa na ce, “Alhaji, don Allah a karanto mini lambar asusun da zan biya kuɗin leda.” Da gangan ban karanta masa ba. In kai ka karanta, mutumin da ke cikin hayaniya zai ce maka “e, haka ne” ba tare da ya saurara ba. Ya ɗan ji haushi, ya ce, “Haba Malam, yau ka fara biyanmu?” Amma ya karanto, tsohon asusun ne, banki bai canja ba. Da na faɗa masa abin da aka turo, sai na ji muryarsa ta sauya, ya yi salati, ya ce in ba shi minti goma.

Abin da ya fito daga baya: akawun bai san da inbois na biyu ba. A wayarsa, wajen da aka rubuta Linked devices, an tarar da wata kwamfuta da bai sani ba a haɗe da WhatsApp ɗinsa. Wanda ke bayanta yana karanta duk cinikin da ake yi, ya jira inbois na gaskiya ya fita, ya gyara layin banki kawai, ya turo, sannan ya goge saƙonnin daga ɓangarensu. Shi ya sa akawun yake ta aikinsa bai ga komai ba, shi ya sa kuma ragina ya fito daidai. Amsar dubu ɗayan ƙanena ma daga can ta fito.

Wani mai gidan ruwa a Kawo da ke sayen leda wajensu shi ya riga ya biya tun ranar Laraba. Bai farga ba sai da mota ba ta zo ba. Ya je bankinsa da rasitin turawa ya shigar da ƙorafi a rubuce don su nemi bankin da ya karɓa ya hana cire kuɗi daga asusun, ya kuma kai rahoto wajen 'yan sanda. Hanyar kenan, amma da gaggawa take aiki, domin kuɗin da aka tura nan take yake sauka, masu wannan aiki kuma ba sa barinsa ya kwana a wuri ɗaya. Lokacin da aka rufe asusun, abin da ya rage a ciki bai kai kuɗin dakon mota ba. Shi ma, in ji shi, ya tambaya kafin ya biya. A WhatsApp ɗin ya tambaya.

Yanzu asusun kowane mai kawo mana kaya yana ajiye a manhaja cikin jerin waɗanda muke biya, kuma daga nan ake zaɓa, ba a kwafar lamba daga inbois. In wani ya ce ya canja asusu, kuɗi ba ya fita sai na ji daga bakin mai kamfanin a tsohuwar lambarsa, ya karanto da kansa, sannan su aiko takarda da direbansu. Ko za a rasa motar Asabar, a rasa. Abin da bai gama sauka a zuciyata ba shi ne kamfanin: har aka shiga sabon mako ba su kira sauran masu sayensu sun gargaɗe su ba, wai kada sunansu ya ɓaci. Ni na ɗauki waya na kira waɗanda na sani a Kakuri da Mando, kuma ɗaya daga cikinsu ya ce mini inbois na biyu yana cikin wayarsa, gobe yake shirin biya.